Iri Ɗaya Ko Gauraye: Wane Atisayen Lissafi Ne Ke Raka Ɗalibi Har Ɗakin Jarrabawa?

Duk wanda ya je sayen littafin tambayoyin shekarun baya na WAEC ko NECO ko JAMB zai tarar da iri biyu a kan tebur. Akwai wanda aka jera shekara bayan shekara, tambayoyin suna nan a hautsine yadda suka fito ranar jarrabawa. Akwai kuma wanda aka tsince, aka tara na kowane darasi wuri guda, ga na kaso nan, ga na aljebura can, ga na alwatika a nasu babin. Yawancin ɗalibai na biyun suke ɗauka, ni ma shekaruna na farko a koyarwa shi nake cewa a saya. Yana da daɗin aiki. Yaro zai zauna ya yi tambaya ashirin a kan abu ɗaya, ya ci goma sha takwas, ya tashi yana jin ya gama da wannan babin.

Abin da ya sa na fara shakka wata ɗalibata ce a ajin ƙarshe na sakandare. Mun yi mako guda a kan ƙa'idar Pythagoras, ba ta faɗi ko ɗaya ba. Mako na gaba muka shiga sin da cos da tan, nan ma haka. Muka yi ƙa'idar sin, muka yi ƙa'idar cos, littafinta duk jan biro na yabo. Bayan wata ɗaya aka yi musu jarrabawar gwaji, ta dawo da takarda a hannu, ido ya yi ja. Ta ce, "Malam, wallahi duk na san su. Ina kallon alwatikar na rasa da wacce zan fara." Na karɓi takardar na duba. Gaskiya ta faɗa. Ba ta yi kuskuren ninkawa ko rabawa ko ɗaya ba. Inda ake son ƙa'idar cos ta sa Pythagoras, ta kuma lissafa shi daidai har ƙarshe, amsar ta fito fes, sai dai ba ta tambayar ba ce.

A nan ne bambancin hanyoyin biyu yake, kuma a kansa zan tsaya.

Kowace tambayar lissafi aiki biyu ce. Na farko, ka gane wace irin tambaya ce, ka zaɓi hanyar da ta dace da ita. Na biyu, ka bi hanyar har ka fitar da amsa. Idan kana atisayen iri ɗaya, aikin farko an riga an yi maka shi. Kan babin ya rubuta "Ƙa'idar cos", saboda haka tun kafin ka karanta tambayar ka san abin da za ka yi. Wasu yaran ma ba sa karanta ta. Lambobin kawai suke tsamowa su zuba a fomular da suka yi amfani da ita minti biyu da suka wuce. Tambaya ashirin, an yi aiki na biyu sau ashirin, na farko kuwa ko sau ɗaya ba a taɓa shi ba. Ranar jarrabawa babu kan babi. Takardar farko ta lissafin WAEC tambaya 50 ce cikin awa ɗaya da rabi, ta bakwai ba ruwanta da ta takwas. JAMB kuwa, in aka haɗa duka darussanta, tambaya 180 ce cikin awa biyu. Abin da ba a taɓa gwadawa a gida ba, shi ne farkon abin da za a nema a can, kuma a gurguje.

Bari mu ga abin a aikace, da tambayoyi huɗu waɗanda duk alwatika ce a cikinsu.

Ta farko: an jingina tsani mai tsawon mita 5 a jikin katanga, gindinsa yana nesa da katangar da mita 3. Ina kansa ya kai? Katanga da ƙasa sun haɗu a kusurwa mai digiri 90, an ba ka gefe biyu, ana neman na uku, babu wata kusurwa da aka ambata. Wannan ta Pythagoras ce, a² + b² = c². Tsanin shi ne gefe mafi tsawo, don haka 25 − 9 = 16, amsa mita 4.

Ta biyu: tsani mai mita 6 a jingine, ya yi kusurwa mai digiri 60 da ƙasa. Gindinsa nawa ne nisansa da katanga? Hoton da ke kanka bai canja ba, tsani ne da katanga. Amma yanzu gefe ɗaya aka ba ka da kusurwa ɗaya, Pythagoras ba shi da abin da zai kama. Gefen da ake nema yana maƙwabtaka da kusurwar, tsanin kuma shi ne mafi tsawo, wato cos ke nan. cos 60° = 0.5, sai 6 × 0.5, amsa mita 3.

Ta uku: gona mai kusurwa uku, gefe ɗaya mita 50, ɗayan mita 80, kusurwar da ke tsakaninsu digiri 60. Mita nawa ne gefe na uku? Nan ɗalibata ta faɗi. Ta ga gefe biyu, ana neman na uku, hannunta ya tafi inda ya saba: 2500 + 6400 = 8900, amsa wajen mita 94. Amma babu kusurwa mai digiri 90 a gonar nan. Gefe biyu da kusurwar da suka rungume, wannan aikin ƙa'idar cos ne, c² = a² + b² − 2ab cos C. Wato 8900 − (2 × 50 × 80 × 0.5) = 8900 − 4000 = 4900, amsa mita 70. Da waya za a saya don shinge, an yi asarar mita 24.

Ta huɗu: alwatika mai kusurwa 30° da 45°, gefen da ke fuskantar 30° mita 10 ne, ana neman wanda ke fuskantar 45°. Nan ma babu digiri 90, amma akwai gefe da kusurwar da ke kallon juna, su biyun an san su. Wannan ita ce alamar ƙa'idar sin, a / sin A = b / sin B. Goma a raba da 0.5 ya ba da 20, a ninka da sin 45° wanda yake kusan 0.707, amsa kusan mita 14.1.

Duba abin da ya raba su. Ba wahalar lissafi ba ne, kowacce layi biyu ko uku ce. Tambayoyi uku ne ɗalibi zai yi wa kansa kafin ya ɗora biro: akwai digiri 90 ko babu? Me aka ba ni, gefe nawa, kusurwa nawa? Akwai gefe da kusurwa masu kallon juna? Wanda ya yi mako guda yana Pythagoras zalla bai taɓa buƙatar tambayar ko akwai digiri 90 ba, domin kullum akwai. Sai ranar da aka ajiye masa gonar nan kusa da tsanin can ne zai lura cewa kama da wane ba ta wane. Dillalin hatsi ma ba a buhun gero kaɗai ya koyi gane gero ba. Sai da aka zuba masa gero a wannan tafin, maiwa a wancan.

Wannan magana ba ra'ayin malamai kawai ba ce, an auna ta. Doug Rohrer na Jami'ar Kudancin Florida a Amurka ya daɗe a kanta. A 2007 shi da Kelli Taylor suka koya wa ɗaliban jami'a yadda ake lissafa girman cikin wasu siffofi huɗu da ba a saba da su ba. Rukuni ɗaya suka yi tambayoyin iri bayan iri, ɗaya rukunin suka yi tambayoyin nan dai a gauraye. Lokacin atisaye masu iri ɗaya suna cin kashi 89 cikin 100, masu gauraye kashi 60. Da a nan aka tsaya, kowa zai ce gaurayen ɓata lokaci ne. Bayan mako guda aka gwada su. Masu gauraye suka sami kashi 63, masu iri ɗaya suka gangaro zuwa kashi 20.

Mutum zai iya cewa wannan ƙaramin gwaji ne a ɗakin bincike, kuma gaskiya ne, ɗaliban ba su da yawa. Shi ya sa wanda aka wallafa a 2020 ya fi nauyi a wurina. Rohrer da abokan aikinsa sun yi shi a makarantu na gaske a Florida, da yara 787 a azuzuwa 54, 'yan aji bakwai, wato kamar ajin farko na ƙaramar sakandare a nan. Tsawon wata huɗu malamansu na kullum suna ba su takardun atisaye. Tambayoyin da ake auna su a kai duk ɗaya ne ga kowa, tsarin jera su ne ya bambanta. A ƙarshe duka aka yi musu bita, aka bar su wata guda, sannan aka kawo jarrabawa ba tare da sanarwa ba. Masu gauraye suka ci kashi 61, ɗaya ɓangaren kashi 38. Ba a ƙara malami ba, ba a sayi na'ura ba, tambayoyi kawai aka sauya wa wurin zama.

Akwai wani abu na biyu da gaurayen ke jawowa ba da niyya ba. Idan tambayoyin Pythagoras goma sha biyu suka watsu cikin makonni shida, dole duk lokacin da ɗaya ta fito sai ka lalubo fomular daga ka, domin ta ɗan yi sanyi. Wannan lalube shi ke kafa ta. Mai hadda ya san haka: shafin da aka maimaita sau hamsin da safe aka bari, ba ya zama kamar wanda ake komawa kansa a tilawa kowane 'yan kwanaki. Saboda haka ribar gauraye biyu ce a haɗe, koyon bambancewa da kuma tazarar da ke tsakanin maimaici.

To, in haka ne, me ya sa kusan kowa iri ɗaya yake yi? Dalili na farko littattafai ne. Rukunin Rohrer sun ƙirga tambayoyi 13,505 a littattafan lissafi shida na aji bakwai da ake amfani da su a Amurka, suka tarar waɗanda ke gauraye ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Buɗe littafin da ke jakarka ka gani, darasi ne sai atisayensa a ƙarƙashi, bita mai haɗe-haɗe kuwa sai can ƙarshen zango, inda galibi ba a kaiwa.

Dalili na biyu ya fi wannan zurfi, domin a cikin kanmu yake. Iri ɗaya yana sa ka ji ka iya. Nate Kornell da Robert Bjork sun nuna haka a 2008 da zane-zanen masu zane goma sha biyu, kowanne zane shida. Wasu masu zanen aka nuna ayyukansu shida a jere, wasu aka cakuɗa nasu da na sauran. Daga baya aka kawo sababbin zane aka ce a faɗi na wane ne. Inda aka cakuɗa an gane kashi 61, inda aka jera kashi 35. Abin mamakin shi ne, bayan an gama jarrabawar, da aka tambayi mutanen wace hanya ta fi taimaka musu, mafi yawansu suka ce jerawar ta fi ko kuma duk ɗaya ne. Sun ci ribar abu da hannunsu, suna yaba wa kishiyarsa. Bjork yana kiran irin wannan wahala da wahala mai amfani, wadda ke rage maka gudu yau ta bar maka abin a ka gobe. Ni abin da na ɗauka a nan shi ne, makin da yaro ke ci yayin atisaye ba abin dogaro ba ne. Goma sha takwas cikin ashirin a tambayoyi iri ɗaya tana nuna cewa ya riƙe fomula na awa ɗaya. Ba ta ce komai ba game da watan Mayu.

Kada dai a ɗauka ina cewa a jefar da iri ɗaya. Yana da wurinsa, kuma wurin ba ƙarami ba ne. Ranar da aka fara koya maka ƙa'idar cos, ba ka san inda 2ab ke shiga ba, ba ka san cewa sai ka ninka kafin ka ɗebe ba, kana danna kalkuleta tana ba ka shirme saboda ba a kan digiri take ba. Wanda ke wannan hali in aka watso masa tambayoyi iri huɗu a hautsine, ba zaɓi zai koya ba, ruɗewa zai yi, ya tsani darasin. Ba a zaɓi tsakanin kayan aikin da ba a iya riƙe su ba. A gwaje-gwajen azuzuwan nan ma sai da malamai suka koyar da darasin kafin a shiga gauraye. Don haka ranar farko ta iri ɗaya ce: ka bi misali biyu ko uku da aka warware, ka yi huɗu ko biyar da kanka. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne, idan ka yi uku a jere daidai ba tare da leƙa misali ba, ka tashi daga nan. Ta shida zuwa ta ashirin ba ɓata su za a yi ba, ajiye su za a yi, a riƙa fito da su ɗaya-ɗaya a makonni masu zuwa.

Iyaka ta biyu ita ce wadda ɗalibai suka fi yi wa mummunar fahimta. Wani zai ji an ce a gauraya, sai ya yi minti goma yana lissafi, minti goma Turanci, minti goma tarihi, ya ce ai ya bi shawara. Ba wannan ake nufi ba. Babu wanda zai ruɗe tsakanin alwatika da tarihin Daular Usmaniyya, to me za a bambance? Hannah Hausman da Kornell sun gwada irin wannan a 2014, suka cakuɗa sunayen sassan jiki da kalmomin harshen Indonesiya, ba su ga wata riba ba. A 2019 Matthias Brunmair da Tobias Richter suka tattara bincike 59 a kan batun. Sun tarar gaurayen ya fi ƙarfi inda abubuwan suka yi kama da juna, kamar zane-zane. A lissafi akwai riba, sai dai ba ta kai ta zanen ba. A dogon rubutu na bayani ba a sami tabbas ba, a koyon kalmomi kuwa jerawa ce ma ta fi. Wannan ya kamata ya sa mu sassauta murya. Ba maganin kowace cuta ba ne. Inda yake aiki shi ne inda abubuwa ke shiga juna a kai: riba da ragi da kaso na ƙari, fomulolin gudu da nisa a fiziks, ko ayoyi masu kama da juna da alarammomi ke jerawa kusa da kusa don kada mai tilawa ya tsallaka daga wannan sura ya faɗa waccan.

Akwai ɗan'uwan gauraye da ya kamata a ware shi, wato sauya fuskar tambaya alhali irinta bai canja ba. Koma kan tsanin farko. Yaron da duk tambayoyin Pythagoras da ya yi gefe mafi tsawo ake nema, ya saba da tarawa. In ka ba shi tsanin nan zai rubuta 25 + 9 = 34, ya ce kan tsanin ya kai mita 5.8 a jikin katanga. Tsani mai mita 5! Hanyar ya zaɓa daidai, amma fuska ɗaya kawai ya san ta da ita. Maganinsa a juya masa alwatikar, yau ta kwanta, gobe ta tsaya da ka, wani lokaci a nemi gajeren gefe, wani lokaci a ba shi labari babu zane, a sauya a, b, c zuwa p, q, r. Tsohon gwajin Kerr da Booth na 1978 yana burge ni a nan, duk da a kan jifa aka yi shi. Yara ne ke jefa ɗan ƙullin wake zuwa wani wuri da aka auna. Wasu suka yi ta gwadawa daga ƙafa 3 kaɗai, wasu daga ƙafa 2 da ƙafa 4, ba su taɓa tsayawa a ƙafa 3 ba. Da aka gwada kowa a ƙafa 3, waɗanda ba su taɓa tsayawa a wurin ba su suka fi saiti. Sun koyi daidaita hannu da nisa, su kuwa na farkon motsi ɗaya suka haddace.

Yanzu ta yaya mutum zai san wanne yake buƙata a wannan makon? Ba da ji a jiki ba, mun ga yadda wannan ke yaudara. Takardarka ta ƙarshe da aka gyara ita za ta faɗa maka. Ɗauki kowace tambaya da ka faɗi, ka sa mata ɗaya daga alamomi uku. Idan ka ɗauko hanyar da ba ita ba, kamar ɗalibata da gonarta, rubuta "zaɓi". Idan hanyar daidai ce amma ka ɓace a tsakiya, ka ɗebe kafin ka ninka ko ka juya sin da cos, rubuta "aiki". Idan ka san hanyar da ake so amma fomular ta gudu daga kanka, rubuta "mantuwa". Sai ka ƙirga. Wanda "aiki" ya yi masa yawa a darasi ɗaya, ya koma wannan darasin ya yi masa zama na iri ɗaya, gaurayawa ba za ta gyara hannun da bai faɗa ba. Wanda "zaɓi" da "mantuwa" suka rinjaya, ƙara tambaya ashirin iri ɗaya kamar zuba ruwa ne a kwando. A takardar ɗalibar nan tambaya tara ta faɗi, bakwai a ciki "zaɓi" ne.

Abin da muka yi da ita ba ya cin kuɗi. Muka yayyanka takarda ƙanana, kowacce tambaya ɗaya a gaba, babu sunan babi, babu lambar shafi. A bayanta sunan hanyar da amsar. Muka zuba su a tsohon gwangwanin madara. Kullum za ta zaro goma sha biyu da ido a rufe. Duk darasin da aka gama a aji, huɗu ko biyar na farko ta yi su a jere ranar, sauran su faɗa gwangwani. Wadda ta ci ta koma ƙasa, wadda ta faɗi ta ajiye ta gefe, bayan kwana biyu ta mayar da ita ciki. Wata rana kuma ba ta warware komai. Za ta zaro ashirin, ta ba kowacce rabin minti, ta faɗi hanyar kawai da dalilinta: "Babu digiri 90, gefe biyu da kusurwar tsakaninsu, ƙa'idar cos." Minti goma an gama. A ganina wannan atisayen na minti goma ya fi awa guda ta tsohon salo, domin kai tsaye yake zuwa inda ciwon yake, kuma shi ne irin saurin da JAMB ke nema, inda kowace tambaya ba ta samun ko minti ɗaya cikakke.

Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: a duba amsa a ranar. A iri ɗaya kuskure ba ya yawa, kuma misalin yana nan a saman shafi. A gauraye kuskure zai yi yawa, in ba a gyara ba kana iya shafe mako kana ƙarfafa zaɓin da ba daidai ba. Kada kuma a tsaya a ganin cewa amsar mita 70 ce ba 94 ba. A koma a nemo abin da ke cikin tambayar da ya kamata ya tsayar da kai.

Sai kuma a shirya wa faɗuwar maki. Makon farko ɗalibar ta dawo tana cewa, "Malam, wannan tsarin naka baya yake kai ni. Da ina cin kusan duka, yanzu da kyar nake yin bakwai cikin sha biyu." Mahaifiyarta ma ta aiko a tambaye ni ko lafiya. Na nuna musu lambobin 2007 ɗin nan, 89 da 60 a atisaye, 20 da 63 bayan mako guda. Haka abin yake, kuma yana da nauyi. Goma sha biyu a gauraye suna cin lokacin da ashirin iri ɗaya ke ci, wani lokaci fiye. Malamin da ke da yara tamanin a aji da manhajar da ke bin sa da gudu zai ce ina ya ga wannan lokacin, kuma ba zan ce ƙarya yake yi ba. Abin da zai iya shi ne, a aikin gida mai tambaya goma, huɗu su zama na darasin yau, shida a ɗebo daga makonnin baya, a tabbatar akwai aƙalla biyu masu kama da na yau amma hanyarsu daban. Adadin da zai gyara bai ƙaru ba.

Inda hankali ke kwanciya shi ne, ana iya gwada duk wannan a gida cikin mako biyu. Zaɓi darussa huɗu masu kama da juna ka yi su a gauraye, wasu huɗun ka yi su yadda ka saba. Bar su kwana bakwai ba ka taɓa ba. Sai ka sa wani ya tsamo maka tambaya ashirin daga duka takwas ɗin, ya hautsina, ka zauna da agogo. Kada ka yi gwajin washegari, domin iri ɗaya yana haskawa a kusa, sai an ɗan jima bambancin ke fitowa sosai.

Mu koma teburin mai littattafai. Idan kana aji huɗu ko biyar na sakandare, ana kan koya maka darussan, littafin da aka tsince bisa darasi zai yi maka amfani, da sharaɗin ba za ka cinye babi a zama ɗaya ba: biyar yau, sauran gwangwani. Idan kuwa an gama manhaja, saura wata uku ko huɗu jarrabawa, kuma kuɗin littafi ɗaya ne a hannunka, ɗauki na shekara-shekara. Yi shekara guda da agogo, gyara, sa alamominka uku. Darasin da "aiki" ya taru a kansa, ka koma littafin aji ka yi masa kwana ɗaya shi kaɗai, washegari ka buɗe shekara ta gaba.